Yadda ake zaɓen kwanakin da za a ce mutum ya waiwaya in ana tambayar "sau nawa"

Duk wanda ya taɓa zama ya tsara takardar tambayoyi don bincike a garuruwan jihar Maradi ya san wannan gaɓar. Ana so a san sau nawa uwa ke kai ɗanta likita, ko sau nawa gida ke cin nama, ko sau nawa maigida ke zuwa kasuwa. An rubuta "sau nawa", sai a tsaya: a cikin kwana nawa? Mako guda? Wata guda? Shekara? Mafi yawan lokuta sai a kwafo abin da wata takarda ta yi amfani da shi a wuce. Ni kuwa ina ganin wannan ƴar gaɓa ta cancanci a zauna a kanta, domin adadin da za ka samu a ƙarshen aiki rabinsa daga bakin mutane yake fitowa, rabinsa kuma daga kwanakin da kai ka zaɓa musu.

Zan bi tambaya guda ɗaya daga farko har ƙarshe: sau nawa aka kai yaro ɗan ƙasa da shekara biyar likita. Kwanakin da ake cewa mutum ya waiwaya ya duba, su zan riƙa kira zango.

Da farko, san yadda tuni ke yaudarar mai gaskiya

Uwar da kake tambaya ba ƙarya take shirin yi maka ba. Amma kanta ba rajista ba ne, kuma kuskurensa iri biyu ne masu ja wa juna baya.

Na farko mantuwa ce. In zango ya yi tsawo, ƙananan abubuwa su ne ke fara zubewa. Ranar da aka kwantar da yaro aka sa masa ruwa ba za ta mance ba ko bayan shekara. Amma ranar da ta je da safe don ɗan zazzaɓi, aka ba ta ƙwaya ta dawo kafin azahar ta ɗora tukunya, wannan bayan wata biyu ta narke cikin sauran ranakun. A Gana, Scott da Amenuvegbe sun gwada wannan a kan kuɗin da gidaje ke kashewa wajen sayayyar yau da kullum, suka ga duk kwana ɗaya da aka ƙara wa zango, abin da mutane ke faɗa yana raguwa da kusan kashi 3 cikin 100. A Delhi ta Indiya kuma, Das da Hammer da Sánchez-Páramo sun tambayi gidaje game da rashin lafiya, wani lokaci mako-mako, wani lokaci wata-wata. Tambayar wata ta ɓatar da ciwo da zuwa likita masu yawa, kuma ɓatan ya fi tsanani a wajen talakawa. Wannan na biyun shi ya fi damuna, domin yana nufin dogon zango na iya nuna maka cewa masu hali sun fi marasa hali jinya, alhali ba haka abin yake ba. Wanda ciwo ya zame masa abin kullum shi ya fi saurin daina ƙirga shi.

Kuskure na biyu shi ne jawo abin da ya yi nisa a kawo shi kusa. Uwa ta tuna sarai ta kai yaron, amma ba ta riƙe ranar ba. An yi abin kwana goma sha takwas da suka wuce, kai ka ce mako biyu, ita kuma a ranta tana jin kamar shekaranjiya ne, sai ta ce e. Wannan kuskuren yana ƙara adadi, kuma ya fi ɓarna a gajeren zango. Ga lissafin: a ce iyaye suna shigo da abin da ya faru a kwana uku na kafin zango. In zangon kwana 30 ne, ƙarin kashi 10 ne cikin 100. In kwana 14 ne, ya kai kashi 21. In kwana 7 ne, ya kusa kashi 43. Saboda haka maganar nan da ake yawan yi, cewa gajeren zango kullum ya fi gaskiya, ba ta cika ba.

Mataki na ɗaya: ƙiyasta yawan faruwar abin kafin ka rubuta tambaya

Je ka zauna da majo ko ungozomar wata likita ta karkara, ka tambayi mata biyar ko shida a gindin rijiya, ka samo kimanin yadda abin ke aukuwa. Ba adadi na ƙwarai kake nema ba tukuna. Kana so ka san ko abin na kullum ne, na mako ne, ko na shekara.

Dalili kuwa shi ne mutum hanya biyu yake bi wajen amsa "sau nawa". In abin kaɗan ne, ƙirgawa yake yi ɗaya bayan ɗaya: na je ranar da ya yi amai, na koma ranar allura, sau biyu ke nan. In abin ya yi yawa, sai ya bar ƙirga ya koma ƙiyasi: ai kusan duk mako nake zuwa, to a wata uku sau goma sha biyu. Blair da Burton sun nuna wannan a 1987: da zarar adadin ya haura ƴan kaɗan, masu ƙirgawa sai su ragu sosai, masu ƙiyasi su yawaita. Ƙiyasi ba laifi ba ne ga abin da ke da tsari tsayayye, kamar zuwa kasuwar Maradi ga ɗan tireda da ba ya fashin Litinin da Juma'a. Amma ciwon yaro ba shi da ranar kasuwa. Ga abu irin wannan, ƙa'idar da nake bi ita ce a zaɓi zangon da yawancin masu amsa za su samu abin bai wuce sau huɗu ko biyar ba a cikinsa, yadda za su iya lissafa shi da yatsun hannu guda, kowane da labarinsa.

Shi ya sa manyan bincike ba sa amfani da zango ɗaya ga komai. Tambayar ire-iren abincin da mace ta ci ana yin ta a kan jiya kaɗai, dare da rana. Ma'aunin cin abinci na gida da hukumar abinci ta duniya ke amfani da shi kwana 7 ne. Tambayar gudawa da zazzaɓin yara a binciken lafiya na ƙasa, irin wanda aka yi a Nijar a 2006 da 2012, mako biyu ce. Kwanciya asibiti kuwa sau da yawa a kan wata 12 ake tambayarta, don ba ta cika faruwa ba kuma ba a mance ta.

Mataki na biyu: duba ko gidajen da za ka shiga za su ɗauki zangon

Nan ne ake yin ciniki tsakanin tuni da aljihu. Gajeren zango yana rage mantuwa, amma yana barin ka da abubuwa kaɗan da za ka ƙirga, kuma adadi kaɗan rawa yake yi, wato da ka sake aikin a wasu gidajen zai iya hawa ko sauka sosai.

Mu ɗauki misali, lambobin nawa ne na koyarwa. A ce kana da kuɗin tambayar iyayen yara 400 a ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji, kuma ƙiyasinka na mataki na ɗaya ya ce ana kai yaro likita kamar sau 4 a shekara. Lissafin abin da za ka tarar shi ne:

```
400 × 4 × 7  ÷ 365 ≈ 31
400 × 4 × 14 ÷ 365 ≈ 61
400 × 4 × 30 ÷ 365 ≈ 132
```

Wato a zangon kwana 7 ziyara 31 kacal za ka ƙirga a duk aikin. A kwana 14 kusan 61, a kwana 30 kusan 132. Rawar da adadi irin wannan ke yi, bisa kimantawa, kusan kashi 18 ce ga na farko, kashi 13 ga na biyu, kashi 9 ga na uku. Kuma wannan in an ɗauka kowane yaro zaman kansa yake. A zahiri yaran gari ɗaya ciwonsu tare yake zuwa, nisansu da likita ɗaya ne, don haka rawar ta fi haka.

Yanzu ka tambayi kanka me za a yi da sakamakon. In adadi ɗaya ake so na yankin gaba ɗaya, kwana 14 zai iya. In kuwa ana so a kwatanta garuruwan da ke kusa da likita da na nesa, sannan a sake raba su maza da mata, ziyara 61 in ka kasa ta gida huɗu kowane ya tashi da goma sha biyar, ba abin da za ka iya faɗa da su. A nan ko dai ka ƙara yawan gidaje, ko ka tsawaita zango zuwa wata ka yarda cewa wasu ƙananan ziyarori za su zube. Duk wanda ka zaɓa, ka zaɓe shi da idonka buɗe, ka kuma rubuta dalilin a rahoto.

Ga tambayarmu ni kwana 14 nake ɗauka don zuwa likita a dawo gida, in ware kwanciya asibiti in ba ta tambayarta daban a kan shekara. Haɗa su a zango guda shi ne kuskuren da na fi gani a takardun mutane.

Mataki na uku: kafa wa zangon turke

Wannan matakin shi ya fi kowane arha, kuma shi aka fi tsallakewa. Jawo abu kusa yana faruwa ne saboda bakin zangon ba shi da alama. "Mako biyu da suka wuce" ba rana ba ce da mutum zai iya gani a ransa. Sai ka ɗaure farkon zangon a jikin abin da kowa ya shaida.

Loftus da Marburger sun gwada haka a Amurka, aikin ya fito a 1983. Sun tambayi wasu ko an yi musu wani laifi a wata shida da suka wuce, wasu kuma suka ce musu "tun daga ranar da dutsen St. Helens ya yi aman wuta", wanda tsawon lokacin ɗaya ne. Waɗanda aka ba alamar dutsen sun faɗi abubuwa ƙasa da na sauran, domin alamar ta hana tsofaffin abubuwa kutsowa.

Mu a nan ba mu rasa alamu ba. Ga gajeren zango akwai Juma'a da ranar kasuwar garin. Ga dogo akwai sallar azumi, babbar salla, ruwan shuka, yankan hatsi, komawar yara lakwal a watan goma. Akwai kuma na gari kaɗai: sunan da aka yi a gidan maigari, ranar da gulbi ya kawo ruwa. Mai tambaya ya kamata in ya sauka gari ya fara zama da maigari ko wata dattijuwa ya samo alama ɗaya da ta faɗo daidai da farkon zango.

Ga yadda tambayar ke fita a bakin yarinya mai aikin tambaya, ranar Asabar, tana zaune a kan tabarma da uwar yaron tana sussuka a gefe:

"Inna, jiya aka yi Juma'a. Kin tuna Juma'ar da ta gabace ta? To akwai wata kafin ita, wadda aka yi sunan gidan liman. Daga washegarin sunan nan zuwa jiya da dare, an kai wannan yaron likita?"

"An kai shi."

"Bari mu bi su ɗaya-ɗaya, Inna. Na ƙarshe, wace rana ce, me ya same shi?"

"Ran Talata, jikinsa ya yi zafi."

"Allah ya ƙara sauƙi. Kafin wannan fa?"

"Akwai ranar da ya yi ta zawo."

"Wannan kafin sunan ne ko bayansa?"

Sai Inna ta dakata da taɓarya ta yi tunani. "A'a, ranar sunan ma ai ya warke, da shi na je a goye."

Ziyara ɗaya ke nan, ba biyu ba. Lura da abubuwa uku da yarinyar ta yi. Ta rufe zangon a jiya, ba ta sa yau a ciki ba, don yau ba ta ƙare ba. Ta fara daga na kusa tana komawa baya, domin na kusa shi ke janyo na nesa a tuni. Kuma ba ta nemi adadi ba sam, labari ta nema, ita ta yi ƙirgar. A koya wa masu tambaya cewa kowace safiya kafin a fita su lissafa ranar da zangon ya fara su rubuta ta a saman takarda, ko a sa waya ta fito da ita da kanta, don zangon yana matsawa kullum.

Hattara biyu game da alamun addini. Salla tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, don haka "tun daga babbar salla" na bana da na baɗi ba tsawo ɗaya ba ne in an yi tambayar a wata guda na bature; dole a rubuta yawan kwanakin a raba da su. Sannan azumi da salla kansu suna canza halin mutane, musamman ci da sha da kashe kuɗi. Wanda ya tambayi cin nama na kwana bakwai a makon layya ya auna layya ne kawai.

In akwai hali, turken da ya fi kowane ƙarfi shi ne zuwa sau biyu. Neter da Waksberg suka fito da dabarar a 1964, a binciken kuɗin gyaran gidaje a Amurka. Ana zuwa karo na farko a yi tambaya a rubuta, amma ba a sa amsar a lissafi. In an dawo bayan mako biyu sai a ce "tun daga zuwana na farko", kuma in uwa ta ambaci abin da ta riga ta faɗa a wancan karon sai a cire shi. Kuɗin mota da na masu aiki yana ƙaruwa, amma ga aikin da dama za a riƙa komawa gidajen, kyauta ce.

Mataki na huɗu: faɗi abin da ake ƙirgawa, ka bar amsa a buɗe

A damina ana bi gida-gida ana ba yara maganin rigakafin zazzaɓin sauro wata-wata, ga allurar rigakafi, ga awon tamowa. Uwa na iya sa duk waɗannan cikin "an kai shi likita", wata kuma ta sa sayen ƙwaya a wajen mai tallan magani. Yanke shawara tun a ofis wanne ke ciki, a faɗa a cikin tambayar da kalmomi ƙalilan.

Kada ka karanta wa mutum jerin amsoshi irin "sau 1 zuwa 2, sau 3 zuwa 5, fiye da 5". Wanda bai tabbata ba yakan ɗauka cewa na tsakiya shi ne halin yawancin mutane, sai ya ajiye kansa a can. Schwarz da abokan aikinsa sun nuna haka a Jamus a 1985 da tambayar kallon talabijin: da jerin ya ƙare a "fiye da awa biyu da rabi", kusan kashi 16 ne suka ce suna wuce haka, da jerin ya fara daga awa biyu da rabi ya yi sama, sai suka haura kashi 37. Karɓi adadin yadda ya fito, ka kasa shi rukuni-rukuni daga baya. Haka kuma "kullum", "wani lokaci", "ba safai ba" ba adadi ba ne. "Wani lokaci" na matar da ke unguwar Zariya ta Maradi kusa da likita da na matar da ke tafiyar awa biyu a amalanke ba ɗaya ba ne.

Ka guji kuma tambayar "a wata irin na kullum, sau nawa". Tana kama da mai sauƙi, amma aiki biyu take ɗora wa mutum: ya tuna, sannan ya yi lissafin matsakaici a ka. A ƙasar da watan tara da watan uku ba su da wata kama ta fuskar ciwo ko abinci, wane ne watan kullum?

Mataki na biyar: gwada kafin a fita, ka san alamun ɓaci

Kafin babban aiki, ɗauki garuruwa biyu ko uku da ba sa cikin samfurinka. Raba yaran gida uku ta hanyar ƙuri'a, kowane kaso da zangonsa, kuma kowane mai tambaya ya yi dukkan ukun don kada bambancin ya zama na mai tambaya. Sannan ka mayar da amsoshin ma'auni ɗaya, wato ziyara nawa a mako ga yara 100. A ce kowane kaso yara 100 ne, aka samu ziyara 12 a kwana 7, 19 a kwana 14, 30 a kwana 30:

```
12 ÷ 7  × 7 = 12
19 ÷ 14 × 7 = 9.5
30 ÷ 30 × 7 = 7
```

Da tuni ba ya kuskure, da lambobin nan uku sun yi kusa da juna. Gangarowar da suka yi daga 12 zuwa 7 tana gaya maka zango yana taɓa amsa. Abin da ba ta gaya maka ba shi ne wanne ne gaskiya, ko 12 ce ta kumbura da jawowa, ko 7 ce ta rame da mantuwa, ko duka biyun. Kuma da lambobi ƙanana haka, wani ɓangare na tazarar sa'a ce kawai. Don haka sai ka nemi shaida daga waje. Bayan uwa ta gama amsawa, ba kafin ba, roƙe ta ta ɗauko karnen yaron, wato ɗan littafinsa na likita. Sau da yawa yana cikin leda a ƙasan kwalla, gefensa ya yi laushi, amma kwanan watan da malamin likita ya rubuta yana nan. Ziyarar da ta faɗa amma kwananta ya faɗo kafin zango, jawowa ce. Wadda ke rubuce cikin zango amma ba ta faɗa ba, mantuwa ce. Ƙirga kowane iri a kowane kaso, sai ka ga inda zangonka ke yoyo. Karne ma ba ya kama komai, wani zuwan ba a rubutawa, wani karnen ya ɓata, amma ya fi babu nesa.

Misalin da ya fi kusa da mu daga Nijar ɗin nan ya fito. Cibiyar ƙididdiga ta ƙasa da Bankin Duniya sun gwada hanyoyi uku na tambayar abincin gida: waiwayen kwana 7, watan kullum, da rubuta abin da aka ci kowace rana har kwana 7. Abin da waiwayen kwana 7 ya bayar ya fi na rubutun kullum da kusan kashi 28 cikin 100, kuma adadin talakawa ya canza bisa hanyar da aka bi. Mutanen ƙasa ɗaya, lokaci ɗaya. Abin da wannan ke nufi gare ka a aikace shi ne, in za ka kwatanta sakamakonka da na wani bincike, ko da naka na bara, zango da lafazin tambaya dole su zama iri ɗaya. In ka ga lalle sai ka canza, yi tsohuwar tambaya ga rabin gidaje, sabuwa ga rabi, a shekarar canjin, don a san nawa ne na canjin tambaya, nawa ne na canjin rayuwa.

Idan aiki ya fara, duba amsoshin kowane dare. In ka ga suna taruwa a kan 5 da 10 da 20, babu 6 babu 9, mutane sun bar ƙirga sun koma ƙiyasi, zangon ya yi wa abin tsawo. In kusan kowa sifili ne, ya yi gajere ga yawan gidajenka. In wani mai tambaya adadinsa kullum ya fi na sauran, ka bi shi gida ɗaya ka saurara, galibi za ka tarar ya daina ambaton alamar farkon zango, yana cewa "kwanan nan" kawai. In kuma adadi ya yi sama a garin da aka ji cewa masu rabon taimako ne suka zo, wannan ba matsalar tuni ba ce, gabatarwar da ake yi a ƙofar gida ce ke bukatar gyara.

Abu na ƙarshe yana wajen rubuta rahoto. Adadin mako biyu da aka samo a watan tara, lokacin da zazzaɓin sauro ya cika likitocin Maradi, ba a ninka shi sau 26 a ce na shekara ne. In adadin shekara ake so, a raba gidajen a zagaya a kalla sau uku, da damina, da kaka zuwa ɗari, da bazara, kowane zagaye da gajeren zangonsa, a haɗa su bisa yawan watannin da kowane ke wakilta. In kuɗi bai kai ba, a rubuta a jikin kowane jadawali cewa adadin na kwana 14 ne, daga rana kaza zuwa rana kaza.